Barka da Sallah Ba Tare da An Kira Taron Sulhu Ba

A da, gaisuwar Sallah ba ta bukatar dogon tunani. Ana saukowa daga Idi, a ci tuwon Sallah, sai kowa ya kama hanya. Ka shiga ɗakin kaka ka durƙusa, ka yi mata irin gaisuwar da ta dace da ita, ta tsokane ka da cewa mijin nata ya zo hannu rabbana. Ka fito ka shiga ɗakin gaba, ka sake wata gaisuwar dabam. Kowa yana samun tasa daidai girmansa, kuma mafi daɗin abin shi ne babu mai jin ta wani. Ko ka ce wa uwargida duk gidan nan babu mai miya irin tata, ka zagaya ka faɗa wa amarya haka, asirinka a rufe yake har Sallar baɗi.

Yanzu an tattara ɗakunan nan duka an zuba su a guruf ɗaya na WhatsApp. Kamfanin ya yarda a tara mutum har 1,024 a guruf guda, wanda ke nuna masu shi ba su taɓa zama a gidan gado ba, domin mutum talatin kacal sun isa su tayar da ƙurar da za ta kai Babbar Sallah ba ta kwanta ba. A nan ne ake so mutum ɗaya ya rubuta saƙo ɗaya, wanda tsohuwa mai shekara tamanin za ta ji an girmama ta, jikanta mai sha uku ya karanta har ƙarshe, kuma kada wani ɗaki ya ji an fifita wani.

Akwai wani gida da na sani a cikin birnin Kano. Marigayi mai gidan ya bar mata huɗu, da 'ya'yan da sai an yi ƙirga sau biyu, da jikokin da ba a ƙirgawa. Zuri'ar ta bazu: wasu a Kaduna, wasu a Maraɗi inda dangin matarsa ta biyu suke, akwai reshe a Kumasi, akwai kuma masu zama a Jidda. A azumin da ya wuce manyan gidan suka gaji da yadda kowa ke jefo abin da ya ga dama ranar Sallah, suka ce a fitar da saƙo guda na gida. Aka ɗora wa autan ɗaki na uku, saboda dalilin da ake ɗora wa irinsa duk wata wahala: shi ne ya gama digiri, kuma bai samu aiki ba tukuna.

Yaron ya fara da abin da tarbiyya ta koya masa, wato ambaton manya da sunayensu. A layin farko ya makale. Hajiya Babba, uwargidan marigayi, ta girmi kowa a gidan. Amma akwai Baffa, ƙanen marigayi, wanda shi ne uba a yanzu, shi ke ba da aure, shi ake kai wa ƙara, ko da yake Hajiya Babba tana yawan tuna wa mutane cewa da ta zo gidan amarya yana yawo ba wando. Idan aka fara da ita, Baffa ba zai ce komai ba, sai dai matarsa ta ce. Idan aka fara da shi, Hajiya Babba ba ta karatu, amma tana da 'ya'ya mata biyar masu karatu, kuma dukkansu suna da data.

Ko da an tsallake wannan, gaba ta fi baya wuya. Za a jera sauran iyayen bisa shekaru ne ko bisa shigowa gidan? Ta uku ta girmi ta biyu a haihuwa. Ga kuma wata ta biyar da marigayi ya saka tun kafin a haifi yaron, wadda 'ya'yanta uku suna cikin guruf ɗin, suna kuma lura da duk jerin da babu sunan mahaifiyarsu. A ɓangaren 'ya'ya, babban ɗa namiji daga ɗaki na biyu ya fito, alhali akwai yayyensa mata uku a ɗakin farko. Sannan akwai wani ƙaramin kawu da jikokin gidan da dama suka girme shi, wanda ke matsayin uba a bishiyar zuri'a, a fili kuma shi ake aika sayen ƙanƙara.

Sai batun laƙabi, inda mu Hausawa ba mu da sauƙi ko kaɗan. Wannan Alhaji ne, wancan Dakta, ga Injiniya, ga Barista, ga wanda ya yi kansila zango ɗaya tun zamanin da ake kira da kati amma har gobe Honarabul ne. Akwai wanda Umara kawai ya je, yana kuma amsa Alhaji da murya ƙasa-ƙasa. Ka rubuta masa Alhaji, waɗanda suka yi tsayuwar Arfa su ɗaga gira. Ka rubuta masa Malam, ya ce an tona shi a gaban surukai. Ga kuma alkunya: akwai sunan da rabin matan gidan ba sa iya furtawa saboda sunan suruki ne ko na ɗan fari, to idan aka ce wata ta karanta wa tsohuwa saƙon, sai ta riƙa tsallake mutane tana cewa “mai sunan Malam”.

A nan yaron ya gano abin da ya fi komai amfani a wannan aiki: saƙon da zai je wa kowa ba ya ɗauke da sunan kowa. Suna ɗaya ya shiga, an buɗe rajista, kuma duk wanda bai ga nasa ba zai ɗauka da gangan ne. Abin da ke aiki shi ne a kira mutane da matsayin da kowa zai tsinci kansa a ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba: iyaye, yayye, ƙanne, 'ya'ya, jikoki. Hajiya Babba da Baffa duk sun shige cikin “iyayenmu”, kowannensu kuma yana da damar ɗauka cewa da shi aka fara. Amma a kula da jimlar nan mai daɗin baki, “'yan uwana na jini”. A guruf ɗin gida kusan rabin mutanen aure ne ya kawo su, ga agola, ga ɗan riƙo da ya tashi a gidan tun yana rarrafe. Yaron ya goge ta, ya sa surukai a cikin jerin, domin matan gida su ne suka tashi tun asuba suka tuƙa tuwon da ake taƙama da shi.

Da ya gama da sunaye sai ya ɗauka ya huta, ya shiga addu'a, yana ganin ai addu'a ba ta ɓata wa kowa rai. Kowa ya zauna a guruf ɗin dangi ya san ba haka ba ne. Mu mutane ne da suka iya soka wa juna magana da “Allah ya sa”, kuma ko kai ba ka yi niyya ba, mai karatu ya iya cirowa.

Ya rubuta, “Allah ya aurar da 'yan matanmu.” Kyakkyawar addu'a ce, sai dai a gidan akwai mace ɗaya tak da ta haura talatin ba ta yi aure ba, kuma da zarar an karanta layin, mutum ɗari za su tuna da ita a lokaci guda, ita ma ta san sun tuna. Ya rubuta, “Allah ya ba masu neman haihuwa.” Nan ma facaloli sun san wadda ake nufi. “Allah ya shirya mana zuri'a” kuwa, uwar yaron da aka je beli a watan Sha'aban za ta ce da ɗanta ake, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. “Allah ya hore wa mai bashi ya biya” ba ta shiga ba ko a daftari, domin yaron da kansa yana riƙe da dubu ashirin na wata yayarsa.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta yafiya. Al'ada ce mai kyau a nemi gafarar juna a ƙarshen azumi. Amma dubi yadda ake rubuta ta: “Ni dai na yafe wa duk wanda ya zalunce ni, duniya da lahira.” Mai wannan saƙo bai nemi gafarar kowa ba, sanarwa ya yi cewa akwai azzalumai a cikin dangi, shi kuma waliyyi ne. A gidan da ake maganar, akwai wani fili da ba a gama rabonsa ba tun rasuwar marigayi. Duk wanda ya rubuta “mu yafi juna” daga ɗakin da ke riƙe da takardun filin, sauran ɗakuna za su karanta ta da ma'anar “ku haƙura da filin”. Yaron daga ɗaki na uku yake, takardun kuma suna ɗaki na biyu, don haka shi a bakinsa za ta zama “ku fito da takardu”. Ya bar yafiyar, amma ya juya ta ta koma kansa, yana roƙo maimakon ya yi kyauta.

Gwajin da ya ƙare da shi mai sauƙi ne, kuma ina ganin ya fi duk wata dabara. Ka karanta kowace addu'a, ka tambayi kanka ko fuskar wani ta faɗo maka a rai. Idan ta faɗo, to ta faɗo wa kowa, sai ka cire layin ka yi masa addu'ar a sujada, inda ta fi amfani kuma babu mai ɗaukar hotonta ya tura wa ƙawarta. Da ya tace, abin da ya rage huɗu ne: Allah ya karɓi ibada, ya ba da lafiya da zaman lafiya, ya jiƙan magabata, ya maimaita mana. Ko a jinƙan magabatan bai ambaci marigayi shi kaɗai ba, saboda a shekarar an rasa wata gwaggo da jariri da surukin gidan, kowanne kuma yana da mai kukansa a guruf.

Akwai wani ƙaramin tarko da ya kusa faɗawa. Ya rufe addu'ar da “albarkacin Annabi da Alƙur'ani”, kamar yadda ya ji kakarsa tana yi tun yana goye. Gidan kuwa, kamar gidaje da yawa a ƙasar Hausa, akwai 'yan ɗariƙa akwai 'yan Izala, suna cin abinci a kwano ɗaya lafiya lau har sai an zo irin wannan gaɓa. Da layin ya fita, da kafin la'asar an turo karatun malamai shida, kowanne minti arba'in. Ya tsaya a “amin”, wadda har yau ban ji an yi muƙabala a kanta ba.

Harshen saƙon ma sai da aka yi shawara. Wani yayansa da ya yi karatu a Madina ya turo masa sakin layi uku na Larabci ya ce a sa a sama. Ƙannensa kuma da za a bar su, da “Slm ykk” za su fara, su cika sauran da hotunan wuta da zuciya. Ya ɗauki Hausa tsantsa mai cikakkun kalmomi, irin wadda za a iya karanta wa tsohuwa da babbar murya ba tare da mai karatun ya tsaya fassara ba. Ya bar “Taƙabbalallahu minna wa minkum” kaɗai, tunda ita kowa ya saba ji a filin Idi. 'Yan hotunan nan na fuska kuwa ya ƙaurace musu gaba ɗaya, kuma yana da hujja. A gidan akwai gwaggon da ke tura fuskar nan mai dariya har da hawaye a ƙarƙashin kowace sanarwar rasuwa, domin ita hawayen take gani. Shekara biyu ke nan ba a samu mai ƙarfin halin faɗa mata ba.

Tsawo kuma, ƙa'idarsa a fuskar waya take. Da zarar saƙo ya yi tsawon da WhatsApp zai yanke shi ya rubuta “Read more”, to yara sun tafi, manya kuma jika ne ke karanta musu, jikan kuma zai taƙaita shi da “cewa aka yi barka da Sallah”. Haka nan kada a ɗauko na wani guruf a turo. Alamar “Forwarded” tana fitowa a samansa, idan ya sha yawo ma ta koma “Forwarded many times”, wato kamar ka kai wa surukarka tuwon Sallah a kwanon da sunan maƙwabta ke rubuce a gindinsa. Batun hoto bai ɗauki minti biyu ba. Hoton gida na ƙarshe da aka ɗauka, amaryar Baffa ce a tsakiya, an kuma yanke rabin fuskar wata yaya. Katin da ake yi da ƙaton hoton mai gaisuwa a gefe, da babbar riga da hannu a ƙirji, wannan a bar wa masu neman takara.

Saura lokaci. A Nijeriya sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin watan Shawwal ake cewa gobe Sallah, kuma akwai shekarun da Nijar ko Saudiyya suke riga mu ko mu riga su da kwana ɗaya. Saƙon da ya ce “yau take Sallah” zai iya isa Maraɗi ko Jidda ya tarar da mutane da azumi a baki, ko ya tarar sun riga sun cinye naman kajinsu tun jiya. Yaron ya cire “yau”. Sannan ya jira aka sauko daga Idi, ya kira Baffa ya ce, “Baffa, Allah ya ƙara girma, saƙon nan ya kammala, in sake shi?” Ya kuma aika a faɗa wa Hajiya Babba haka. Kowannensu ya ba da izini yana ganin nasa ne ya yi aiki. Wannan kira na minti ɗaya shi ya hana a ce yaro ya riga manya magana.

Ga abin da ya tura, ba ƙari ba ragi:

“Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu, ƙannenmu, surukanmu, 'ya'ya da jikoki, na gida da na nesa, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Taƙabbalallahu minna wa minkum. Allah ya karɓi ibadunmu, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, ina roƙon ya yafe mini. Allah ya maimaita mana, amin.”

Ya karanta shi sau da yawa kafin ya danna, kuma ya yi daidai. WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo, amma zai manna masa “Edited”, kuma dangi za su so sanin me aka cire. Idan ka goge shi da “Delete for everyone”, abin da zai bari a wurin shi ne “This message was deleted”, wanda a guruf ɗin gida ya fi kowane saƙo samun masu karatu. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro waya, kuma a kowane gida akwai wata da ke ɗaukar hoton saƙo kafin mai shi ya sauke yatsa.

Amin ta fara zuba. Minti ashirin cur gidan yana zaune lafiya, abin da tsofaffi suka ce ba su gani ba tun ranar sadakar bakwai. Sai Honarabul ya turo murya ta minti tara, yana yaba wa yaron, yana kuma cike abin da ya kira giɓi, wato ya jero manyan gidan ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu. Ya fara da Baffa. Ya manta da matar marigayi ta huɗu. Kafin azahar wata daga ɗaki na huɗu ta fice daga guruf ɗin. Yanzu idan mutum ya fita, masu kula da guruf kaɗai ake sanar wa, sai dai masu kula da wannan guruf su tara ne, don an ba kowane ɗaki kujera biyu an ƙara wa Baffa ɗaya, don haka labarin ya riga ta isa ƙofar gida.

Shi ma yaron bai tsira ba. Wata gwaggo ta kira mahaifiyarsa ta ce saƙon ya yi kyau, amma ya bushe, kamar sanarwar gidan rediyo, ko sunan mutum ɗaya babu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ne iyakar abin da saƙon guruf zai iya. Ba ya fifita kowa ne saboda bai taɓa kowa ba. Tsohuwar da ta yi maka wanka kana jariri ba za ta ɗauki “iyayenmu” a matsayin gaisuwarta ba, tana jiran ta ga ƙeyarka a bakin ƙofa ko ta ji muryarka a waya, a can ne kuma za ka faɗa mata cewa duk gidan babu kamarta, kamar yadda za ka faɗa wa ta gaba. Yaron ya yini yana wannan zagaye. Yaran gidan kuwa, da aka sha wahalar neman kalmar da za ta dace da su, babu wanda ya karanta ko layi ɗaya. Lambobin akawun suka jera a ƙarƙashin saƙon, kowanne da “Kawu goron Sallah”.

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana saba'in ne ko kusa da haka. Manyan gidan sun zauna sun yanke cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka saƙon layya kwamiti ne zai rubuta, mutum ɗaya daga kowane ɗaki. 'Ya'yan matar da aka saka sun riga sun tambayi inda kujerarsu take, kuma har yanzu ba a daidaita kan wanda zai shugabanci zaman ba.